Kafin Ka Kai Takardun Albashinka Banki, Yi Wannan Lissafin

"Malam, banki sun ce bashi ya yi mini yawa. Da wane awo suka auna?"

Suna haɗa abin da kake biya na bashi duk wata da abin da za ka riƙa biya na sabon, su raba da albashinka, su ninka da 100. Galibin bankunan nan Garwa ta Kamaru ba sa son ya wuce kashi 33 cikin ɗari, wato sulusi.

"Wane albashin, na sama ko na ƙasa?"

Na ƙasa, bayan an cire haraji da kuɗin CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata. Na sama ba ya shiga aljihunka, me zai sa ka yi lissafi da shi?

"Takardun albashina na wata uku ba su zo daidai ba."

Wani ƙanena ya kawo mini nasa: sefa 240,000 wata biyu, na uku 310,000 saboda kuɗin tafiyar aiki. Ya ɗora babban a sama yana murmushi. Na ce mayar da shi ƙasa, da 240,000 za a yi aiki. Yana biyan 35,000 na bashin babur, sabon kuma zai ci 50,000. Jimla 85,000, kashi 35 da ɗoriya. Sulusinsa 80,000 ne, don haka 45,000 kaɗai ya rage masa. Ko dai ya rage abin da yake nema, ko ya ƙara watannin biya, jimlar ruwan ta ƙaru.

"Ai tun daga albashi ake cire bashin babur ɗin."

To mayar da shi kan albashin kafin ka raba! In takarda ta nuna 205,000 ka raba 85,000 da shi, kashi 41 zai fito, ka ƙirga bashi ɗaya sau biyu. Na gaji da gyara wannan kuskuren.

"Ina zubin adashi 20,000 duk wata. In sa shi?"

Nan kam ba amsa ɗaya. In ba ka kwasa ba tukuna, ajiya kake yi, kana iya cewa ba bashi ba ne, ko da yake uwar adashi ba za ta ɗaga maka ƙafa ranar zubi ba. In ka riga ka kwasa, bashi ne tsantsa har zagayen ya ƙare. Banki ba ya ganinsa a rajistar basussuka ta babban bankin BEAC, sai dai ya lura da kuɗin da ke fita daga asusunka rana ɗaya duk wata. Wani ma'aikacin zai tambaya, wani ba ruwansa. Haka ma kuɗin haya, wasu na haɗawa, wasu abin da ya rage maka kawai suke dubawa. Ni dai lissafi biyu nake sa mutum ya yi, na banki da na gida. Ƙanen nan nawa da adashinsa ya koma kashi 44, in ya biya hayar 40,000 saura 95,000 na cefane da makarantar yara. In saura wata biyu adashin ya ƙare, kada ka damu. In saura goma, ka sake tunani.

"In ɓoye bashin ɗaya bankin fa?"

Za su gani a rajistar, kuma daga nan ko gaskiya ka faɗa sai sun bincika.