Rajistar halarta a manhajar jadawalin lissafi

Rajistar halarta ta kwamfuta jadawali ne da ake tsarawa a manhaja irin su Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc, inda malami ko akawu ke sa wa kowane mutum alamar ranar, manhajar kuma ta ƙirga kwanakin da ya zo, da waɗanda ya makara, da waɗanda ya yi fashi. Ƙirgen ya dogara ne kacokan a kan daidaiton alamar da aka shigar, domin manhajar harafi take ƙirgawa, ba ta san ɗalibi ba.

Asali

Tsarin ya gaji fasalinsa ne daga rajistar takarda ta kiran suna, wadda sunaye ke jere a gefen hagu, ranaku kuma a sama. A makarantun da suka bi tsarin Birtaniya, har da na Najeriya, akan ja karkataccen layi ɗaya da safe, wani da rana, a zana sifili ga wanda bai zo ba, sannan malami ya tara jimilla da hannu a ƙarshen mako da ƙarshen zango.

VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 don kwamfutar Apple II, ita ce ta fara yaɗa jadawalin da ke sabunta lissafinsa da kansa. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sai Excel a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Fomular COUNTIF, mai ƙirga gidajen da ke ɗauke da alamar da aka ba ta, wadda aikin rajista ya rataya a kanta, ta shiga Excel ne wajajen farkon shekarun 1990. A Excel na Faransanci, wanda akan tarar a Nijar, sunanta NB.SI, kuma da alamar ";" ake raba sassanta a madadin waƙafi.

Yadda ake ginawa

A ajin ɗalibai 40 da kwanakin karatu 20, sunaye na zama a layin tsaye na A, daga A2 zuwa A41, ranaku kuma su kwanta a layin farko daga B1 zuwa U1. Ana zaɓar harafi ɗaya ga kowane hali, misali H ga halarta, M ga makara, F ga fashi. A gidajen V2, W2 da X2 sai a rubuta:

```
=COUNTIF(B2:U2,"H")
=COUNTIF(B2:U2,"M")
=COUNTIF(B2:U2,"F")
```

Daga nan a ja fomulolin ƙasa har layi na 41. Ɗalibar da ta zo kan lokaci sau 15, ta makara sau 3, ta yi fashi sau 2, za ta nuna 15, 3 da 2. Kason halartarta yana fitowa da wannan:

```
=(V2+W2)/SUM(V2:X2)
```

Amsar 0.9 ce, wato kashi 90 cikin ɗari. An raba ne da kwanakin da aka riga aka cike, domin idan aka raba da 20 tun tsakiyar wata, kowa zai fito kamar mai yawan fashi.

Ana saɓani kan makara. Wasu na haɗa ta da halarta, wasu na ware ta, kuma a wajen masu ware ta, ɗalibar kashi 75 take da shi.

Kurakurai da yadda ake gane su

COUNTIF ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, saboda haka h da H duk ɗaya ne a wurinta. Abin da ba ta yafewa shi ne tazarar da yatsa ya danna bayan harafi. Ido zai ga H, amma manhajar ba za ta ƙirga shi ba, sai jimillar ɗalibar ta tsaya a 19. Wannan kuskure ne mai cutarwa, domin ba ya fitar da wani gargaɗi, kuma yana iya rage wa yaro kwanan da ya zo. Shi ya sa ake ƙara layin tantancewa:

```
=COUNTA(B2:U2)-SUM(V2:X2)
```

COUNTA na ƙirga duk gidan da ke ɗauke da wani abu. In amsar ba sifili ba ce, akwai alamar da aka shigar ba daidai ba a layin. Rigakafinsa shi ne a zaɓi gidajen B2 zuwa U41, a sa musu Data Validation mai jerin H, M, F, ta yadda ba za a karɓi wani rubutu daban ba.

Lissafi da lokacin isowa

A ofisoshi akan rubuta lokacin isowa, manhajar ta yanke hukunci a wani gidan dabam:

```
=IF(B2="","F",IF(B2>TIME(8,0,0),"M","H"))
```

Manhajar na ajiye lokaci a matsayin kason yini, don haka ƙarfe 8:00 na safe sulusin yini ne, kusan 0.333. Wanda ya rubuta 7.45 da ɗigo maimakon 7:45 ya shigar da kwana bakwai da ɗoriya, sai a sa wa ma'aikacin da ya yi sammako alamar makara. Haka kuma fomular na ɗaukar duk gidan da ba a cike ba a matsayin fashi, har da ranakun hutu da waɗanda ba su zo ba tukuna, sai an ƙara sharaɗin kwatanta ranar da TODAY(), mai ba da kwanan watan yau, da kuma wata alama ta hutu.