Karkataccen shimfiɗi: yadda dutse ke nuna inda tsohon kogi ya dosa

Idan kogi ya janye bayan damina, yashin da ya bari ba sumul yake ba, akwai ƙananan kunyoyi jere a kansa. Wanda ya tsuguna ya duba zai ga ɓangarorin kowace kunya ba daidai suke ba: ɗaya dogo ne mai hawa a hankali, ɗayan gajere ne mai gangara sosai. Dogon yana fuskantar inda ruwa ya fito, gajeren kuma inda ya nufa. Ruwa ne ke turo ƙwayoyin yashi su hau dogon ɓangaren, in sun kai ƙololuwa su zube ta gaba, su tsaya a karkacen da yashi ke iya riƙe kansa, wato kusan digiri 30 zuwa 34.

Kowace zubowa tana barin siririn layi a karkace. Kunyar na tafiya gaba, layukan na taruwa ɗaya bayan ɗaya. In wani yashin ya binne su kafin ruwa ya share, har suka daskare suka zama dutse, abin da ake gani a jikin dutsen shi ne layuka a karkace tsakanin shimfiɗu biyu na kwance. Wannan ne karkataccen shimfiɗi, wanda masana ilimin duwatsu ke kira kuros-bedin. Ƙa'idarsa gajera ce: inda layukan suka gangara, nan ruwan ya nufa. Ƙananan kunyoyi, waɗanda tazararsu ba ta wuce santimita 60 ba, suna barin layuka masu tsayin 'yan santimita. Manyan tudun yashi na ƙarƙashin ruwa kan bar na mita guda ko fiye, kuma su aka fi amincewa da su, domin ƙananan kowace 'yar juyawar ruwa tana iya karkatar da su.

Wahalar tana wajen awo. Fuska ɗaya ta dutse tana ruɗi, domin karkacen da ake gani a jikinta ya danganta da yadda aka yanke ta. Layin da ainihinsa ya gangara arewa maso gabas, in bangon ya miƙe daga yamma zuwa gabas, sai ya yi kamar gabas kawai ya nufa. Don haka mai awo yakan nemi kusurwa inda fuskoki biyu suka haɗu, ko wurin da saman layin ya fito fili, ya ɗora kamfas mai auna karkace. In kuma layukan masu lanƙwasa ne kamar ƙwarya, gefunansu kowanne da inda ya kalla, sai a hau sama a auna tsakiyar kwarin.

Awo ɗaya ba hujja ba ne, tunda kogi na lanƙwasa. Akan ɗauki ashirin ko talatin a wuri guda, a zana su a da'ira a ga inda suka taru. A nan ɗalibai kan faɗi: a ce kamfas ya nuna alƙiblar digiri 350 da ta digiri 10, dukansu dab da arewa. Wanda ya tara ya raba biyu zai sami 180, wato kudu, akasin gaskiya. Dole a haɗa su a matsayin kibiyoyi masu alƙibla. Kuma in motsin ƙasa ya karkatar da dutsen sosai, sai an mayar da shimfiɗar kwance a lissafi kafin a yarda da sakamakon.

Dutsen yashi na Hawkesbury, wanda birnin Sydney na Ostireliya ke zaune a kansa, misali ne mai kyau. Ya kwanta ne kimanin shekara miliyan 240 da suka wuce, kuma yawancin karkatattun layukansa arewa maso gabas suka gangara, ba su warwatse sosai ba. Daga nan aka fahimci cewa babban kogi ne mai rassa masu saƙa da juna, wanda ya taho daga kudu maso yamma, a zamanin da Ostireliya ke manne da Antatika. Da kogi mai yawan lanƙwasa ne, da alƙiblolin sun bazu. A Najeriya ana ganin irin waɗannan layuka a dutsen yashi na Bima, a yankin Gombe da Adamawa.

Sai dai ba kowane karkataccen layi ne na kogi ba. Kunyar da ɓangarorinta suka zo daidai aikin igiyar ruwa ce mai kai da komo, ba ta faɗin inda ruwa ya nufa. Layukan da na sama ya kalli gabas na ƙasa ya kalli yamma galibi na bakin teku ne, inda ruwa ke cika yana janyewa. Iska ma tana yin nata, masu tsayin mita da yawa, da yashi mai laushi iri ɗaya. Shi ya sa kafin a ce kogi ne ake neman tsakuwa, da ɓarɓashin laka, da alamar zaizaya a gindin shimfiɗar.