Waiwaye: Karayar da hoton ƙashi ke ɓoyewa a wuyan hannun yara

Duk wanda aka miƙa wa hoton wuyan hannun yaro karon farko, abin da zai fara cewa shi ne ƙashin ya karye. Zai ga wani baƙin layi ya ratsa ƙashin kusa da gaɓa, ya raba kan ƙashin da gangar jikinsa. To, wannan layin ba karaya ba ne. Guringuntsi ne, kuma daga nan ƙashin yake ƙara tsawo har yaro ya gama girma. Hasken da ake ɗaukar hoton da shi yana ratsa guringuntsi ya wuce, ba ya barin fari kamar yadda ƙashi ke bari. Matsalar ita ce a nan ɗin ne karaya take yawan bi, domin ya fi jijiyoyin da ke riƙe gaɓar rauni. Faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe, sai ta tsaga wa yaro wannan guringuntsin, a wurin da dama can baƙi ne a hoto.

Likitoci sun san da raunin tun kafin a sami hoto. A 1863 wani likitan Faransa, Foucher, ya riga ya kasa shi kashi-kashi. Sai Wilhelm Röntgen ya gano hasken hoton ƙashi a Würzburg ta ƙasar Jamus a watan Nuwamban 1895, kuma shekara uku bayan haka John Poland na Landan ya fitar da katon littafi a kan rabuwar kan ƙashi da gangarsa. Hoto ya sauƙaƙa gane wadda ta goce sosai. Wadda ba ta goce ba kuwa, tana nan yadda take.

A 1929 Thurstan Holland, masanin hoton ƙashi a Liverpool, ya ja hankali ga wani ɗan ɓalli mai kusurwa uku da ke ɓallewa daga gangar ƙashi ya bi kan. Har yau da sunansa ake kiran ɓallin. Amfaninsa shi ne ƙashi ne na gaske, yana fitowa fari, don haka shi ke tona asirin karayar da ta bi ta cikin guringuntsi.

Tsarin da ya zauna shi ne na Robert Salter da Robert Harris, likitocin ƙashi a Toronto, wanda suka buga a 1963. Sun kasa raunin gida biyar. A na ɗaya tsagar tana bin guringuntsin kaɗai. A na biyu tana binsa sannan ta karkata ta fita da ɓallin Holland, kuma shi ya fi yawa, kusan uku cikin huɗu. Na uku da na huɗu suna shiga cikin gaɓa. Na biyar murƙushewa ne, guringuntsin ya matse ba tare da ya tsage ba, kuma galibi ba a gane shi sai bayan watanni, idan an ga ƙashin ya daina tsawo. Wasu sun ƙara wa tsarin rassa daga baya, irin su Ogden a 1981 da Peterson a 1994, amma a ɗakin gaggawa har yanzu biyar ɗin nan ake ambata. A ganina abin da tsarin ya koyar, wanda ɗalibai kan manta garin haddar lambobi, shi ne biyu daga cikin biyar ɗin, na ɗaya da na biyar, suna iya zuwa da hoto mai kyau sumul.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 11 da ya faɗi a filin ƙwallo ya dafa ƙasa da tafin hannu. An kawo shi yana riƙe da hannun, akwai ɗan kumburi, yatsu suna motsi. An ɗauki hoto ta gaba, ba a ga komai ba. Nan ne ake cewa targaɗe ne, a ba shi maganin ciwo a sallame shi.

Likitan da ya san aikin ba zai tsaya nan ba. Zai fara da yatsarsa, ya bi rediyos, wato ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa, yana dannawa sannu a hankali. Idan zafin ya taru a wuri guda, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da lanƙwasar wuyan hannu, to a kan guringuntsin yake. Sannan zai nemi hoto na biyu, ta gefe, domin kan ƙashin yakan zame ne ta bayan hannu, kuma irin wannan zamewar tana iya ɓuya gaba ɗaya a hoton gaba. A hoton gefen zai duba ko bakin kan ƙashin da na gangar sun daidaita, ko layin ya fi faɗi ta wani ɓangare, ko akwai ɗan ɓalli da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Akwai kuma wani siririn layin kitse a gaban ƙashin, wanda MacEwan ya bayyana a 1964: idan jini ya taru a ƙarƙashinsa sai ya kumburo ko ya ɓace. Alama ce mai taimako, amma rashinta ba ya wanke hannun.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, zafin kuma yana nan daidai kan guringuntsi, sai a ɗaure hannun a madauri ko filasta kamar an ga karayar. Bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto. Idan da tsaga, a lokacin sabon ƙashi ya fara fitowa a gefe kamar siririn hazo.

Sai dai a shekarun baya-bayan nan an fara tambayar ko ba a wuce gona da iri ba. Wani bincike da Kathy Boutis ta jagoranta a Kanada, wanda aka buga a 2016, ya yi wa yara 135 hoton MRI bayan raunin idon sawu da hotonsu na ƙashi bai nuna karaya ba. Huɗu kacal aka samu da tsagar guringuntsin, yawancin sauran targaɗe ne. Idon sawu ne, ba wuyan hannu ba, amma ya rage ƙarfin tsohuwar maganar nan cewa yaro ba ya targaɗe.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya fuskar ma, a ga karaya inda babu ita. Kan alna, ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa, ba ya bayyana a hoto sai wajen shekara 6, kuma farkon fitowarsa kamar ɓalli yake, har a ɗauka karaya ce. A Arewa akwai ƙarin abin lura: ciwon laushin ƙashi, wanda binciken da aka yi a Jos ya danganta da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, yana faɗaɗa wannan layin ya sa bakinsa ya yi gaza-gaza. Bambancin shi ne yana kama hannu biyu, kuma ba ya buƙatar faɗuwa.

Dalilin duk wannan kaffa-kaffa shi ne kusan kashi 75 cikin 100 na tsawon rediyos daga wannan guringuntsin yake fitowa. Yawancin raunukan suna warkewa cikin makonni kaɗan ba tare da wata illa ba, tsayawar girma a rediyos ba ta da yawa, ko da yake a alna ta fi aukuwa sosai. Abin da ke ƙara haɗarin shi ne a yi ta ja ana murɗawa, musamman bayan an makara. Shi ya sa likitocin ƙashi ba sa son sake gyara zaman karayar da ta wuce kwana 7 zuwa 10, sun gwammace su bar 'yar karkatar, domin ƙashin yaro yana miƙe kansa da girma. Yaron da aka sallama da sunan targaɗe, zafi ya ƙi tafiya, aka kai shi wajen mai ɗori a mako na biyu aka ja hannun da ƙarfi, shi ne wanda ya kamata a sake wa hoto bayan wata 6 zuwa 12, a auna ko rediyos na tafiya daidai da alna, ko kuwa hannun ya fara karkata ta ɓangaren babban yatsa.