Banki ya ce ya sauya caji: me ya sauya, kuma daga yaushe?

Malam, saƙon banki ya shigo mini da dogon Turanci kan sabon caji. Ta ina zan fara?

Fara da kwanan wata, kuma ka lura guda biyu ne: ranar da aka fitar da sanarwar, da ranar da sabon cajin zai fara aiki. Ta biyun ita ce ta shafi aljihunka, kuma yawanci tana zuwa bayan kalmar "effective". A ranar 10 ga Fabrairu, 2025 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da umarnin sauya kuɗin cirewa a na'urar ATM, amma bai fara aiki ba sai 1 ga Maris, 2025. Bankuna sun yi ta tura wa abokan hulɗarsu saƙo a tsakanin ranakun nan, kowa da ranar da nasa ya iso. Wanda ya cire kuɗi ranar 25 ga Fabrairu tsohon tsari ne a kansa, ko da saƙon ya riga ya shigo wayarsa.

Idan ka gama da ranar, nemi abin da ake wa cajin: cire kuɗi ne, turawa ne, ko saƙon alat? Sai kuma irin asusun da abin ya shafa, domin wani cajin na asusun ajiya ne kawai, wani na asusun "current".

Na ga an rubuta naira 100. Ashe ba wani abu ba ne?

Ranka ya daɗe, adadin shi kaɗai ba ya faɗin komai sai ka karanta abin da ke biye da shi. A sanarwar ATM ɗin nan, naira 100 ce a kan kowace naira 20,000 da ka cire, ba a wata ba, ba kuma a kowace ziyara ba. Sanarwar ta raba cirewa gida uku. Idan na'urar ta bankinka ce, abin da suke rubutawa "On-Us", babu caji. Idan ta wani banki ce a harabar reshensa, "On-site", naira 100 ce a kan kowace 20,000. Idan kuwa ta wani banki ce da aka girke a wajen reshe, kamar a babban kanti ko gidan mai, "Off-site", za ka biya waccan 100 ɗin, sannan a ɗora ƙarin da bai wuce naira 500 ba a kan kowace 20,000.

Mu ce tela ne yana son naira 40,000 zai sayo yadi. A na'urar bankinsa ba ya biyan ko kwabo. A reshen wani banki zai biya 200. A na'urar cikin kanti 200 ɗin tana nan, kuma ƙarin zai iya kaiwa 1,000, jimilla 1,200. Kuɗin da ya cire bai canza ba, wurin da ya tsaya ne ya canza lissafin. Ita 500 ɗin iyaka ce, ba farashi tsayayye ba. Mai na'urar yana iya karɓar ƙasa da haka, kuma umarnin ya ce a nuna maka ƙarin a fuskar na'urar lokacin cirewa. Idan ka gani bai yi maka ba, soke ka zare katinka.

Akwai kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin hidimar banki. Shi ya sa naira 100 takan fito 107.50 a alat, kamar yadda naira 10 ta ƙaramar turawa take fitowa 10.75. Duba ƙasan sanarwar ko an ce adadin ya haɗa da harajin ko bai haɗa ba.

Ni ban san nawa ake cire mini a da ba. Yaya zan gane bambancin?

Nan ne abin ya fi damuna, domin sanarwa da yawa suna kawo sabon farashi su yi shiru kan tsohon, alhali wani lokaci babban sauyin shi ne abin da aka janye. Kafin Maris 2025, mai cirewa a na'urar wani banki yana da sau uku kyauta a kowane wata, daga na huɗu ne ake cire masa naira 35. Sabon umarnin ya soke ukun nan na kyauta, a cikin jimla guda da ido kan tsallake.

Ɗauki matar da ke cire naira 5,000 duk mako don cefane, a reshen wani banki da ke kusa da gidanta. A da, sau huɗu a wata naira 35 kacal take biya. A sabon tsarin, ko abin da ta cire bai kai 20,000 ba sai ta biya 100, don haka sau huɗun ya zama 400, ban da haraji. Da za ta cire 20,000 ɗin a tashi ɗaya, 100 ce kawai. Wannan ba ya fitowa ƙarara a sanarwar. Sai mutum ya zauna ya auna ta da yadda shi kansa yake amfani da asusunsa.

Hanya mafi sauƙi ta gano tsohon farashi ita ce ka ɗauko bayanin shige da ficen asusunka na watan da ya gabaci ranar farawa, daga manhajar banki ko a reshe, ka ajiye shi kusa da na watan da ya biyo baya. Bi layin cajin nan guda ɗaya a duka biyun. Haka kuma CBN ya fitar da kundin cajin bankuna da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, inda tsarin naira 35 ɗin yake a rubuce.

An ce caji ya fara 1 ga wata, amma ban ga an cire komai ba sai ƙarshen wata. Kuskure ne?

Ba lalle ba ne, Hajiya. Wasu cajin nan take ake cire su, kamar na ATM. Wasu kuma tara su ake yi a cire a dunƙule, kamar kuɗin alat. Lokacin da bankuna suka sanar da ƙara shi daga naira 4 zuwa 6 daga 1 ga Mayu, 2025, bayan ƙarin farashin kamfanonin sadarwa, mai karɓar saƙo 30 a wata ya tashi daga 120 zuwa 180. Ki ƙirga saƙonnin da suka shigo a lokacin da aka yi wa cajin, ki ninka da farashin. Ki kula sosai da cirewar farko bayan sauyi, domin idan ta haɗo saƙonnin Afrilu, su a kan naira 4 ya kamata a lissafa su.

Idan lissafina da nasu bai zo ɗaya ba fa?

Kada ka goge sanarwar. Ɗauki hotonta da ranar a jiki. Ka rubuta wa bankin ƙorafi mai ɗauke da ranar cirewar, adadin da aka cire, da adadin da sanarwar ta ce, sannan ka karɓi lambar ƙorafin. Idan ba su warware ba, Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na CBN yana karɓar irin wannan, amma sai ka nuna cewa ka fara kai wa bankinka.

Kafin duk wannan, tabbatar saƙon na banki ne. Masu damfara na amfani da lokacin sauyin caji su turo mahaɗi, su ce ka latsa don a cire ka daga biyan sabon kuɗin. Sanarwar caji ta gaskiya ba ta neman lambar sirrin katinka, ko lambar OTP, ko BVN. Idan saƙo ya nemi ɗaya daga cikinsu, kar ka latsa komai. Kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe ka tambaya.