Sikelin "auna kitse": ruwa yake aunawa

Yanzu ko'ina ka leƙa, daga wuraren motsa jiki zuwa tallan maganin rage ƙiba a rediyo, sai ka ji ana cewa na'ura ta auna wa wane kitse da tsokarsa. Ana kiran fasahar na'urar BIA, wato auna turjiyar jiki ga lantarki. Abin haushin shi ne, ba kitse take aunawa ba, ba kuma tsoka ba.

Lantarki ne ɗan ƙanƙani, wanda ko jin sa ba ka yi, take ratsawa da shi ta jiki, ta ga yawan turjiyar da ya gamu da ita. Ruwan jiki mai gishiri ne, lantarki na bin sa cikin sauƙi, kitse kuwa tare shi yake yi. Da wannan turjiya da tsawon mutum take ƙiyasta ruwan jikinsa. Daga nan sai zato: tana ɗauka cewa kashi 73 cikin ɗari na jikin da ba kitse ba ruwa ne. Abin da ya rage daga nauyi ta kira shi kitse.

Ga lafiyayye zaton bai yi nisa da gaskiya ba. Amma ɗauki mai ciwon ƙoda, nauyinsa kilo 70, ruwansa lita 38. Na'ura za ta ce kilo 52 ba kitse ba ne, 18 kitse. Sai fitsari ya ragu, lita 5 ta taru, ƙafa ta kumbura har in ka danna yatsa ya bar rami. Nauyi ya koma 75, ruwa 43. Yanzu za ta ce kilo 59 ba kitse ba ne, kitse ya sauka zuwa 16. Mutumin da ke kwance yana ramewa, takarda ta nuna ya ƙara tsoka kilo 7! Mai ciwon hanta da ruwa ya cika wa ciki kuwa akasin haka ake samu: gangar jiki, wato ƙirji da ciki, faɗi gare ta, kusan kashi goma cikin ɗari kawai take bayarwa a turjiyar, don haka ruwan cikin yakan shige lissafin kitse.

Shi ya sa ake haɗawa da gwajin ƙarfin damƙa. Mutum ya zauna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya matse na'urar auna damƙa iya ƙarfinsa sau uku, a ɗauki mafi girma. Ma'aunin ƙwararrun Turai na 2019 ya ce ƙasa da kilo 27 ga namiji, ko 16 ga mace, rauni ne. Ruwan ciki ba ya ruɗa wannan gwaji, amma kumburin yatsu da amosanin gaɓɓai na rage damƙa, kuma ƙarfi yake nunawa, ba yawan tsoka ba. Ga mai wankin ƙoda, a gwada hannun da ba a yi wa aikin haɗa jijiya ba, sikelin kuma a bari sai bayan an cire ruwa.