Ciro hoto ɗaya daga bidiyo a daidai lokacin da ake so

Ciro hoto daga bidiyo shi ne zaɓar firam guda daga cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyo, sannan a ajiye shi a matsayin fayil ɗin hoto mai zaman kansa, galibi PNG ko JPEG. Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kuma kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira firam. A bidiyon da ke tafiya da firam 25 a daƙiƙa, kowane firam yana zama a fuskar allo na tsawon kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa, saboda haka wanda ya ce yana son hoton "minti 12 da daƙiƙa 37" ya nuna hotuna 25 ne, bai nuna ɗaya ba.

Dalilin da ya sa daidaiton yake da wuya

Hanyoyin matse bidiyo irin su H.264, wanda aka fitar a 2003, ba sa ajiye kowane firam a cike. Suna ajiye cikakken hoto jefi-jefi, sauran firam ɗin da ke tsakani kuwa abin da ya canza kawai ake rubutawa. Idan doki yana gudu a gaban bango, ba a sake zana bangon a kowane firam. Ana cewa ne bangon yana nan yadda yake, dokin ya matsa. Tazarar da ke tsakanin cikakkun firam biyu tana iya kaiwa firam 250, wato daƙiƙa 10 a bidiyo mai firam 25. Wannan ne ya sa idan aka ja sandar lokaci a manhajar kallo, sau da yawa takan sauka kusa da inda ake so amma ba daidai wurin ba, domin ta fi samun sauƙin tsayawa a kan cikakken firam. Kafin a sami firam na tsakiya, dole manhaja ta koma cikakken firam ɗin da ya gabace shi, ta warware duk waɗanda suka biyo baya har ta iso gare shi.

Yadda ake yi da ffmpeg

Manhajar da aka fi dogara da ita a wannan aiki ita ce ffmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma kyauta ake samunta. A ɗauka wani mai hoto a Sakkwato ya naɗi bidiyon hawan Sallah da firam 25 a daƙiƙa, wani mahayi kuma ya zo yana son hoton lokacin da ya ɗaga mashi dokinsa na tsaye da ƙafafun baya, domin a buga masa. Lokacin ya faɗo a minti 12 da daƙiƙa 37.48. Umarnin shi ne:

```
ffmpeg -ss 00:12:37.480 -i hawa.mp4 -frames:v 1 mahayi.png
```

A nan `-ss` yana nuna lokacin, `-i` yana nuna fayil ɗin bidiyo, `-frames:v 1` kuma yana cewa firam ɗaya tak ake so. Inda aka sa `-ss` yana da tasiri. Idan ya zo kafin `-i`, manhajar tana tsallakawa kai tsaye zuwa cikakken firam ɗin da ke gab da lokacin, ta warware na bayansa tana zubarwa har ta kai wurin, aikin ya ƙare cikin ƙanƙanen lokaci. Idan ya zo bayan `-i`, sai ta warware bidiyon tun daga farkonsa, wato firam 18,937 a wannan misali, kafin ta ba da hoton. A da ana shawartar mutane su jure wannan jinkirin saboda hanyar farko ba ta sauka daidai, amma tun daga fitowa ta 2.1 a 2013 an gyara hakan, kuma babu sauran dalilin jira.

Akwai wani ɗan bambanci da kan rikita masu koyo. Idan lokacin da aka rubuta ya faɗa tsakanin firam biyu, ffmpeg yana ba da wanda ya fara bayan lokacin ne. Mai hoton da ya rubuta 37.490 zai sami firam ɗin 37.520, alhali abin da idonsa ya gani a allo a wannan lokacin shi ne na 37.480. A gudun doki wannan tazarar ta isa mashi ya sauko kaɗan ko kan dokin ya rufe fuskar mahayi.

Saboda haka hanyar da ta fi tsafta, idan ba a san lokacin ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, ita ce a ciro duk hotunan daƙiƙar sannan a zaɓa da ido:

```
ffmpeg -ss 00:12:37 -i hawa.mp4 -t 1 hoto_%02d.png
```

Wannan zai fitar da hotuna 25 masu lamba a jere, kuma na 13 shi ne na 37.480. Wannan hanyar ta fi amfani ga bidiyon waya, domin wayoyi da yawa suna canza yawan firam a daƙiƙa yayin ɗauka, musamman idan haske ya ragu, kuma lissafin ninka daƙiƙa da 25 ko 30 ba ya zama daidai a irin wannan fayil.

Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya amfani da VLC a kwamfuta: ya tsayar da bidiyon kafin wurin, ya riƙa danna `E` yana matsawa firam ɗaya-ɗaya, idan ya iso ya danna `Shift+S`. Hoton yana fita da girman bidiyon na asali, saɓanin hoton allon waya, wanda ke ɗaukar girman allon har da maɓallan da ke kansa.

PNG ko JPEG

PNG ba ya rage komai daga firam ɗin, shi ya sa ya dace da hoton da za a gyara ko a buga, ko da yake fayil ɗinsa ya fi nauyi. Idan JPEG ake so, a mayar da ƙarshen sunan hoton `.jpg` a umarnin ffmpeg, a kuma ƙara `-q:v 2` kafin sunan. Ƙaramar lamba ita ce inganci mafi kyau, 31 kuma mafi muni.

Abin da ke ɓata hoton

Ƙorafin da aka fi yi shi ne hoton ya fito dishi-dishi alhali bidiyon yana da kyau. Yawanci ba laifin manhaja ba ne. Kyamara tana buɗe idonta na ɗan lokaci a kan kowane firam, kuma abin da ya motsa a cikin wannan lokacin sai ya bar jan layi, wanda ido ba ya lura da shi sa'ad da bidiyo ke tafiya. Alamarsa ita ce bango ya fito sarai amma hannun mahayi ya shafe. Maganinsa shi ne a duba firam biyu ko uku na gaba da na baya, a nemi inda motsin ya ɗan lafa, kamar lokacin da doki ya kai ƙarshen miƙewarsa kafin ya sauko.

Idan kuwa hoton duka ne ya fito da ƙananan murabba'ai, matsewa ce ta yi yawa. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an sake matse shi, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. A nemi fayil ɗin asali daga katin kyamara, ko a sa a turo shi a matsayin takarda. Tsofaffin bidiyon biki da aka juyo daga kaset kan nuna layuka kamar haƙoran mataji a gefen abin da ke motsi, domin kowane firam nasu rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban, kuma ƙara `-vf yadif` kafin sunan hoton a umarnin ffmpeg yana kawar da su.

Girman bugawa ma yana da iyaka. Firam mai fiksil 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, idan aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, zai ba da hoto mai kimanin santimita 16 da 9. Ya isa hoton hannu, amma idan mahayin kalanda yake so ko babban hoton bango, ya kamata mai hoto ya gaya masa tun kafin a kai wurin bugawa cewa fuskar za ta yi laushi ga wanda ya matso kusa.