Adireshin walat ba ya ɗauke da adadin kuɗi

Har yanzu mutane da yawa suna ɗauka in sun yi sikanin QR ɗin mai kaya don biya da kuɗin kirifto, kuɗin da za su biya yana ciki. Ba haka ba ne. Adireshin walat kamar lambar asusun banki yake, inda kuɗin zai je kawai yake nunawa, kuma yawancin QR adireshin ne zalla a ciki, kai za ka rubuta adadin da hannunka.

Akwai dai QR na neman biya, a Ethereum, ɗaya daga cikin layukan da kuɗin kirifto ke bi, tsarin ana ce masa ERC-681, shi yana haɗa adireshi da nau'in kuɗin da adadin. A nan 25 USDT ana rubuta shi 25000000, saboda USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, na da gurbi shida bayan ɗigo. Amma ko wannan roƙo ne kawai, wani walat ɗin ma ba ya karanta shi, sai ka ga wurin adadin fayau.

To kafin ka danna tura, duba adadin da idonka, ka duba layin da kuɗin zai bi ma, adireshin Tron da T yake farawa, na Ethereum da 0x, don in kuɗin ya fita babu bankin da zai dawo maka da shi.